Me ya sa samfurin harshe ke ƙirƙirar bayani, kuma ta yaya za a rage hakan a sashen kula da kwastomomi?

A watan Afrilun 2025 wasu masu amfani da Cursor, manhajar da ake rubuta lambar kwamfuta da ita, sun lura cewa da zarar sun shiga asusunsu a kwamfuta ta biyu, sai a fitar da su daga ta farko. Da suka aika koke ga sashen taimako, amsar da ta dawo musu ta ce ai ƙa'ida ce, kowane asusu na'ura ɗaya aka yarda ya yi aiki a kai. Babu wannan ƙa'ida a kamfanin. Tangarɗa ce aka samu a manhajar, kuma wanda ya rubuta amsar ba ma'aikaci ba ne, tsarin ƙirƙirarriyar basira ne da aka ɗora a kan saƙonnin kwastomomi. Kafin kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, maganar ta riga ta yaɗu, wasu har sun ce sun soke rajistarsu.

Abin lura a nan shi ne irin kuskuren. Tambaya ce ta zo wadda babu amsarta a rubuce a ko'ina, sai aka samu amsa mai kama da gaskiya ta cike gurbin. A ganina wannan gurbi shi ne tushen matsalar a kowane tsarin taimako, kuma yawancin gyaran da ke aiki da gaske ya ta'allaƙa ne a kan abu biyu: hana samfurin harshe, wato tsarin ƙirƙirarriyar basirar da ke rubuta amsar, zama tushen bayani, da kuma buɗe masa hanyar fita idan bayanin bai samu ba.

Yadda ƙirƙirar ke faruwa

Samfurin harshe ba ya ɗauke da wani jadawali na bayanai da zai duba kafin ya yi magana. An horar da shi ne a kan tarin rubutu mai ɗimbin yawa, aikinsa kuma guda ɗaya ne: a ba shi farkon rubutu, ya yi hasashen gutsuren kalmar da zai biyo baya. A kowane mataki yana raba yiwuwa a kan dubban gutsattsarin da ya sani, a zaɓi ɗaya, a haɗa shi da na baya, a sake maimaitawa har amsa ta cika. Duk abin da ya sani yana warwatse ne cikin lambobin da horon ya daidaita.

Saboda haka abin da aka yawaita maimaitawa a rubuce yakan zauna masa daram. Babban birnin wata ƙasa, ko ma'anar wata sananniyar kalma, ya gamu da su sau ba adadi. Amma ƙa'idar mayar da kaya ta wani kamfani guda, wadda aka sauya watan jiya, ko dai bai taɓa ganinta ba, ko kuma tsohuwar ya gani sau ɗaya tak. Abin da ya gani ba iyaka shi ne siffar irin wannan jimla. Ya san sarai yadda ake tsara bayanin mayar da kaya, ya san bayan “cikin kwana” lamba ce ke zuwa, ya kuma san lambobin da aka fi sakawa a wurin. Idan ya iso nan, lissafin ba ya tsayawa. Dole wani gutsure ya fito, wanda ya fi dacewa da jimlar kuwa lamba ce. Shi ya sa amsar ƙarya da ta gaskiya suke fitowa da murya iri ɗaya, nahawu ɗaya, natsuwa ɗaya. Mai karatu ba shi da wata alama a cikin jimlar da za ta nuna masa wadda aka gina a kan sani da wadda aka gina a kan dacewar kalmomi.

Dalili na biyu yana cikin horon da ake ƙarawa daga baya domin samfurin ya iya amsa tambaya cikin ladabi. A nan mutane ne ke duba amsoshi su zaɓi wadda ta fi burge su, sannan a auna samfurin da jarrabawoyi. Masu bincike a kamfanin OpenAI sun yi bayanin wannan a wata takarda da suka fitar a watan Satumban 2025: yawancin jarrabawoyin da ake gwada samfura da su suna ba da maki ga amsar daidai, amma amsar kuskure da “ban sani ba” duk sifili ake ba su. Kamar ɗalibi ne a jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu wadda ba a cire maki idan an faɗi. Ɗalibin da ya bar gurbi fayau ya yi asara, wanda ya yi canke kuwa wani lokaci sai ya dace. Idan aka daɗe ana horarwa a kan wannan ma'auni, canke ne zai zama ɗabi'a.

Akwai kuma jan da tambayar kanta ke yi. Idan kwastoma ya rubuto yana cewa tunda kuna ba da wata biyu na mayar da kaya, ta ina zan fara, to ya riga ya dasa “wata biyu” a cikin rubutun da samfurin zai ci gaba da shi. Ci gaba da maganar a kan haka ya fi sauƙi a kan a tsaya a ce masa babu wata biyu, musamman ga samfurin da aka koya wa faranta ran mai tambaya.

Wani zai ce ai kuskuren na'ura ne, a sa gargaɗi a ƙasan shafi a wuce wurin. Kamfanin jiragen sama na Air Canada ya gwada irin wannan kariya bai sha ba. Manhajar hira ta shafinsa ta gaya wa wani fasinja cewa zai iya neman rangwamen da ake yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa bayan ya riga ya sayi tikiti, alhali ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da neman rangwamen bayan an yi tafiya ba. A watan Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia ta ƙi yarda da hujjar cewa manhajar daban take da kamfanin, ta kuma umarce shi ya biya fasinjan. Abin da tsarin taimako ya faɗa, kamfani ne ya faɗa.

Tambaya ɗaya, a bi ta daki-daki

Mu ɗauki misali. A ce kamfani ne mai sayar da na'urorin intanet na gida. Takardar ƙa'idarsa ta yanzu ta ce ana iya mayar da kaya cikin kwana 14 daga ranar da aka karɓa. Sakin layin da ke biye ya kawo togiya: kayan da aka gyara aka sake sayarwa, kwana 7 ne kawai. A rumbun takardun kamfanin akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ba a goge ba, mai cewa kwana 30. Game da wanda zai biya kuɗin aikawa idan za a mayar da kaya, babu inda aka rubuta komai.

Sai wata mata ta rubuto. Ta sayi gyararriyar na'ura, ta karɓa kwana 10 da suka wuce, tana so ta mayar, tana kuma tambayar wa zai biya kuɗin aikawa. Amsar gaskiya kashi biyu ce. Wa'adin mayarwa ya wuce, domin kwana 7 ne nata. Batun kuɗin aikawa kuwa sai an tambayi ma'aikaci.

Idan samfurin ba a ba shi kowace takarda ba, zai jawo lambar da aka fi gani a irin waɗannan jimloli, kuma ba mamaki ya ce kwana 30. Wannan ita ce ƙirƙira tsagwaronta, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Maganin da kusan kowa ke fara yi shi ne dabarar da ake kira RAG, wadda aka gabatar da ita a 2020: kafin samfurin ya amsa, sai a binciko guntayen takardun da suka shafi tambayar, a ajiye masa su a gaba, a umarce shi ya amsa daga cikinsu kaɗai. Dabarar tana rage kuskure sosai. Sai dai mutane da yawa suna tsayawa a nan suna ganin an gama, alhali tambayar matar nan tana iya lalacewa ta hanya uku ko da RAG ɗin na aiki.

Ta farko a wajen yanka takardu take. Ana yawan yanka su gunduwa-gunduwa bisa yawan kalmomi, ba tare da duba inda magana ta ƙare ba. Idan yankan ya faɗa tsakanin ƙa'idar kwana 14 da togiyar kwana 7, binciken zai iya kawo guntun farko ya bar na biyu. Samfurin ya karanta abin da aka ba shi da gaskiya, ya ce wa matar tana da sauran kwana 4. Bai ƙirƙiri komai ba, amma amsar ƙarya ce, kuma ta fi haɗari domin tana ɗauke da hujja. Gyaran a wajen yankan yake. A yanka takarda bisa sashe-sashe, ƙa'ida da togiyarta su zauna a gunduwa ɗaya, a kuma maƙala wa kowace gunduwa kanun takardar da na sashen, don kada a samu guntun da ke cewa “kwana 7” ba a san na wane irin kaya ba ne.

Ta biyu ita ce tsohuwar takarda. Binciken da ke auna kusancin ma'ana bai san kwanan wata ba. A wurinsa tsohuwar ƙa'ida da sabuwa kusan abu ɗaya ne, domin kalmominsu iri ɗaya ne, lamba kawai ta bambanta. Idan duka biyun suka zo, samfurin zai zaɓi ɗaya ko ya gauraya su. Kada a bar masa wannan zaɓi. Kowace takarda ta samu ranar fara aiki da ranar ƙarewa da sunan sashen da ke da alhakinta, a kuma tace waɗanda suka daina aiki tun kafin binciken ya fara. Wannan aikin tsaftace rumbu ne, ba shi da armashi, ba wanda ke son a ba shi, amma ina ganin babu wani gyara da ya kai shi riba. Irin wannan makanta tana faruwa da lambobin kaya ma. Binciken ma'ana zai iya ɗaukar AX-20 da AX-200 a matsayin abu ɗaya, ya kawo littafin jagorar wata na'ura daban. Shi ya sa ake haɗa shi da tsohon binciken kalma da kalma, irin su BM25, wanda ke neman ainihin harufan da aka rubuta.

Ta uku ita ce wadda ta fi damuna, wato kuɗin aikawa. Binciken ba ya dawowa hannu rabbana. An gina shi ne ya kawo guntaye mafi kusa, biyar ko goma, ko da babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da amsar. Zai kawo sashen mayar da kaya, da sashen kuɗin aikawa na sabon saye, wataƙila da wani sashe da ke cewa aikawa kyauta ce a wasu lokuta. Daga waɗannan sai samfurin ya ɗinka amsa mai ma'ana: kamfani ne zai biya. Kowane ɓangare na jimlar yana da ɗan tushe a wata takarda, amma jimlar gaba ɗayanta babu wanda ya taɓa rubuta ta. Daga wannan lokaci kamfanin ya ɗauki alkawarin da bai san ya ɗauka ba.

To ta yaya za a gane wacce daga cikin ukun ta faru? Sai an adana, ga kowace amsa, ainihin guntayen da aka miƙa wa samfurin. Idan koke ya zo, a buɗe a duba. In togiyar kwana 7 ba ta cikin guntayen, laifin na bincike ne ko na yanka, kuma sauya samfuri ba zai gyara komai ba. In tana ciki amma aka tsallake ta, laifin na karatu ne, kuma sau da yawa cunkoso ke jawo shi: bincike ya nuna cewa idan aka tara wa samfuri dogon rubutu, ya fi riƙe abin da ke farko da ƙarshe a kan abin da ke tsakiya. Guntaye uku masu kyau sun fi ashirin da aka zuba don kada a rasa. In kuwa babu amsar a duk rumbun, to gurbi ne, kuma maganinsa daban ne.

Raba aiki tsakanin samfuri da lissafi

A tambayar matar akwai abubuwan da bai kamata samfurin ya taɓa ba sam. Ranar da ta karɓi kaya tana cikin rumbun bayanan oda. Ko na'urar sabuwa ce ko gyararriya, shi ma yana can. Kwana nawa suka wuce, lissafi ne da ƴar gajeriyar lambar kwamfuta za ta yi ba kuskure. Tsarin da ya dace shi ne samfurin ya fahimci abin da ake tambaya, ya nemi bayanin odar ta hanyar da aka tanadar masa, lambar kwamfuta ta yanke hukuncin cancanta, sannan samfurin ya mayar da hukuncin zuwa magana mai daɗin ji. Kwastoma kan yi kuskuren ƙirga kwanaki, wani ma ya rage da gangan, don haka ko “kwana 10” ɗin da ta faɗa sai an tabbatar daga rumbun. Duk abin da ya shafi kuɗi, wa'adi, lambar oda, ko matsayin asusu, daga rumbu zai fito kai tsaye. Haka ma adireshin shafi da lambar waya, domin samfuri gwani ne wajen ƙera adireshin da ya yi kama da na gaske amma ba ya kai mutum ko'ina.

Sauran abin da dole sai an karanto daga takarda, a tilasta wa samfurin ya nuna inda ya samo shi kafin amsar ta isa ga kwastoma. Hanya mai sauƙi ita ce a sa ya fitar da amsarsa a tsare, kowace da'awa da lambar gunduwar da ta fito, da ainihin jimlar da ya dogara da ita, sannan da fili na musamman domin abin da bai samu ba:

```json
{
  "daawa": "Gyararrun kaya ana mayar da su cikin kwana 7",
  "tushe": "mayarwa-sashe-2",
  "jimla": "kayan da aka gyara aka sake sayarwa, kwana 7",
  "ba_a_samu_ba": ["kudin aikawa"]
}
```

Filin ƙarshen nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Umarnin da ke cewa “kada ka yi ƙarya” ba ya yin wani tasiri mai yawa, domin samfurin ba shi da wani ma'auni a cikinsa da ke rarrabe ƙarya da gaskiya tsaf. Amma idan an tanadar masa wurin da zai ajiye abin da takardu ba su ambata ba, aka kuma nuna masa misalai biyu ko uku na yadda ake cike wurin, to rashin amsa ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin kammala aiki da kyau. Daga nan tsarin zai gaya wa matar hukuncin wa'adi, ya ce batun kuɗin aikawa an miƙa shi ga ma'aikaci, ya kuma tura wa ma'aikacin dukkan hirar don kada a sa ta maimaita labari daga farko.

Bayan samfurin ya fitar da wannan, sai lambar kwamfuta ta tantance. Shin jimlar da ya ce ya ɗauko tana cikin gunduwar da gaske, harafi da harafi? Shin kowace lamba da ke cikin da'awar tana cikin tushen?

```python
import re

def tantance(daawa, jimla, gunduwa):
    if jimla not in gunduwa:
        return False
    lambobi = set(re.findall(r"\d+", daawa))
    return lambobi <= set(re.findall(r"\d+", jimla))
```

Wannan ƴar tantancewa ba ta da tsada, kuma tana kama kwana 30 da aka ƙirƙira, tana kama hujjar da aka ƙaga. Amma a san iyakarta. Da'awar cewa wa'adin matar kwana 14 ne za ta wuce sumul, domin jimlar tana cikin takarda, lambar ma tana ciki, togiyar ce kawai ba ta zo ba. Haka nan samfuri zai iya kawo jimla ta gaske wadda ba ta tabbatar da abin da ya faɗa ba. Domin irin wannan ne wasu ke ƙara mataki na biyu, inda wani samfurin daban yake duba da'awa da hujja kawai, ya ce hujjar ta tabbatar, ko ta saɓa, ko ba ta ce komai ba. Yana taimakawa, amma shi ma samfuri ne, yana kuskure, yana kuma ƙara jinkiri da kuɗi. Ni dai zan ajiye shi ne ga amsoshin da ke ɗauke da alkawari, irin su mayar da kuɗi da garanti da soke rajista, in bar tambayar yadda ake sauya kalmar sirri ta wuce da tantancewar farko.

Akwai dabaru biyu da ake yawan ɗora wa buri fiye da ƙarfinsu. Ɗaya ita ce mayar da `temperature` zuwa 0. Wannan saitin yana rage bazuwar zaɓi ne kawai, ya sa a riƙa ɗaukar gutsuren da ya fi rinjaye. Idan wanda ya fi rinjayen kuskure ne, sai a riƙa samun kuskuren iri ɗaya kusan kullum. Ɗayar ita ce ƙara wa samfurin horo da takardun kamfani. Wannan yana da kyau wajen koya masa salon magana da tsarin amsa, amma ba hanya ce mai aminci ta dasa ƙa'idoji ba. Ranar da aka sauya kwana 14 zuwa 10, babu wani layi da za a je a goge a cikin samfurin, kuma ba za a iya nuna wa kowa daga ina amsa ta fito ba.

Ma'aunin da ake gwadawa da shi

Duk waɗannan gyare-gyare za su iya rushewa idan ma'aunin da shugabannin sashe ke kallo shi ne yawan tambayoyin da tsarin ya rufe ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Wannan ma'auni yana maimaita kuskuren da aka yi tun wajen horo, yana ba canke lada. Tsarin da ya ce wa matar nan kamfani zai biya ya rufe tambayar. Wanda ya miƙa ta ga ma'aikaci bai rufe ba. A kan takardar rahoto, na farkon ne gwarzo.

Don haka tarin tambayoyin gwaji dole ya ƙunshi waɗanda ba su da amsa, kuma da gangan za a saka su. A ce an tattara tambayoyi 200 daga ainihin saƙonnin kwastomomi, bayan an cire sunaye da duk abin da zai bayyana mutum. Guda 150 suna da amsa a takardu. Guda 50 ba su da ita: wasu takardu sun yi shiru a kansu, wasu suna ɗauke da zato na ƙarya irin na wata biyu, wasu suna tambaya a kan kayan da kamfanin ba ya sayarwa. Ma'aikatan da suka san aikin su ne za su rubuta amsar da ta dace ga kowace, har da waɗanda amsarsu ita ce a miƙa ga mutum.

Yanzu a ce an gwada tsari biyu. Na farko ya amsa duka 200, ya dace a 135, ya yi kuskure a 65, ciki har da dukkan 50 ɗin da ba su da amsa. Na biyu ya dace a 120, ya yi kuskure a 10, ya miƙa 70 ga ma'aikata. Idan amsar daidai kaɗai ake ƙirgawa, na farko ya yi nasara da 135 a kan 120. Amma a sa farashi a kan kuskure. A ba amsar daidai maki 1, miƙawa 0, kuskure kuma a cire 4. Na farko ya koma 135 a cire 260, wato ya faɗi ƙasa da sifili da 125. Na biyu ya samu 120 a cire 40, wato 80. Wannan lamba 4 ba daga sama ta faɗo ba, kamfani ne zai zauna ya yanke ta, ta hanyar kwatanta abin da amsar ƙarya ke jawo masa da abin da miƙa tambaya ga ma'aikaci ke ci. Tana kuma da fassara kai tsaye: da cirewar 4, amsawa ba ta da riba sai idan yiwuwar dacewa ta haura kashi 80 cikin 100. Ga tambayoyin kuɗi ana iya ɗaga ta zuwa 9, iyakar ta koma kashi 90.

A duba tsari na biyun da kyau kuma, domin shi ma yana da nasa ciwon. Cikin 70 da ya miƙa, a ce 45 ne daga marasa amsa, to sauran 25 tambayoyi ne da amsarsu ke cikin takardu amma ya ja baya. Wannan asara ce ta gaske, kwastoma ya jira a banza, ma'aikaci ya yi aikin da bai kamata ya zo masa ba. Tsarin da ke miƙa komai ba ya ƙarya, amma ba shi da amfani. Shi ya sa ake kallon lambobin uku tare, daidai da kuskure da miƙawa, kuma a sake gudanar da gwajin duk lokacin da aka sauya samfuri, ko umarni, ko yadda ake yanka takardu, domin gyaran da ya rufe ɓaraka a nan yakan buɗe wata a can.

Idan kwastomomi suna rubutu da harshen da ya bambanta da na takardun, a raba sakamakon gwajin harshe-harshe. Binciken ma'ana ya fi rauni a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet, don haka guntayen da ke zuwa sukan kauce wa tambayar, gurbi ya ƙaru, ƙirƙira ta ƙaru tare da shi. Jimillar maki mai kyau tana iya ɓoye harshen da kusan rabin amsoshinsa ba su da tushe.

Su kuma tambayoyin da suka faɗa cikin filin `ba_a_samu_ba`, kada a bar su su taru a banza. A riƙa tattara su kowane mako ana haɗa masu kama da juna. Idan batun kuɗin aikawa ya bayyana sau da yawa, sai a kai shi ga sashen da ke da hurumin yanke hukunci, a tsayar da wanda zai biya, a rubuta shi cikin sashen mayar da kaya tare da ranar fara aikinsa. Sannan a ɗauke tambayar matar daga rukunin marasa amsa a cikin gwajin, a mayar da ita rukunin masu amsa, a kuma nemo wata sabuwa daga saƙonnin makon wadda takardu ba su taɓo ba a saka a gurbinta, don kada rukunin 50 ɗin ya riƙa raguwa har gwajin ya daina auna abin da aka gina shi dominsa.